Kwatanta tsarin shugabancin addini a Musulunci da Kiristanci: ta ina zan fara?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a wata jami'a a nan Legas, ina zaune a Agege. An ba mu aikin rubutu mai kalma 2,000 a kan yadda Musulunci da Kiristanci suka tsara ikon addini da shugabanninsa. Na fara jera liman da fasto, Halifa da Fafaroma, sai na ga abin ya ƙi tsayuwa. Malam, a taimaka mini da tsari.

Amsa: Ƙanwata, ki ajiye jeren muƙaman nan gefe. Sunayen ne suke ruɗar ki, domin a Hausa ma muna cewa limamin coci, alhali abin da ya mai da wannan liman daban ne da abin da ya mai da wancan. Ki gina rubutun a kan tambaya biyu: me ke ba mutum ikon magana da sunan addini, kuma idan masu ikon sun saɓa, wa ke raba gardama? Gabatarwarki kada ta wuce kalma 200, ki faɗi matsayarki a fili: tsofaffin coci-coci sun ɗora iko a kan muƙamin da ake naɗa mutum a kai, Ahlus Sunna kuwa sun ɗora shi a kan ilimin da sauran malamai da jama'a suka shaida.

Sashe na farko, kamar kalma 500, shi ne mafarin ikon. Wasiƙun Ignatiyus na Antakiya, wajen shekara ta 110, sun riga sun nuna hawa uku: bishop, dattawan ikilisiya da dikon. A Katolika da Otodoks da Angilikan, sai bishop ya ɗora wa mutum hannu kafin ya zama limamin coci, shi ma bishop wasu bishop-bishop ne suka ɗora masa, kuma cocin na ɗaukar wannan jerin har zuwa manzanni. Wanda ba a naɗa ba, komai iliminsa, ba zai jagoranci jibin Ubangiji ba. Shi ya sa aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a Canterbury a 1864 kafin ya sami ikon naɗa wasu a ƙasar nan.

A Musulunci babu ibadar da ingancinta ya rataya a kan naɗi. Fatake uku a kasuwar Mile 12 za su gabatar da wanda ya fi su karatu ya ja su salla, kuma sallarsu ta yi. Amma kada ki rubuta cewa babu tsari, wannan shi ne kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai. Akwai isnadi, akwai ijazar da malami ke ba almajirinsa bayan ya sauke littafi a gabansa, akwai mazhabobi huɗu masu ƙa'idar fitar da hukunci. Kin ga ke nan duka biyun suna da silsila, ɗaya ta miƙa muƙami, ɗaya ta miƙa karatu. Ki kuma bambanta alƙali da mufti: alƙali sarki ke naɗa shi kuma hukuncinsa dole ne, fatawa kuwa ƙarfinta gwargwadon yardar mutane da mai ita.

Sashe na biyu ne zuciyar aikin, ki ba shi kalma 700. Ki ɗauki rikici ɗaya daga kowane ɓangare, inda mai mulki ya sa hannu a gardamar aƙida.

A shekara ta 325 Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop wajen 300 a Nikiya a kan koyarwar Ariyus, wanda ya ce Ɗan, wato Yesu, halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Majalisar ta rubuta bayanin bangaskiya, ta fitar da Ariyus daga coci, sarki ya kore shi daga gari. Maganar ba ta mutu nan take ba. Sarakunan da suka biyo baya wasunsu sun karkata ga ɓangaren Ariyus, an kori Atanasiyus bishop na Iskandariya har sau biyar, sai a majalisar Kustantiniya ta 381 aka tabbatar da matsayar Nikiya. Abin lura shi ne ko masu adawa ma da majalisar bishop-bishop suka yi ta yaƙin. Kowa ya yarda cewa a nan ake yanke magana.

A shekara ta 833 Halifa Ma'amun ya ba da umarni a jarraba alƙalai da malaman hadisi, dole su ce Alƙur'ani halittacce ne. Wannan ita ce Mihna. Bai kira majalisa ba, domin babu wata majalisa mai wannan hurumi. Wasiƙu ya aika wa gwamnan Bagadaza. Da yawa sun amsa don tsoro, Imam Ahmad bin Hambali ya ƙi, aka tsare shi kimanin shekara biyu, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Bayan Mutawakkil ya hau a 847, sai ya janye manufar a hankali. Babu takardar da aka sa wa hannu, amma daga nan ya tabbata cewa halifa yana riƙe da mulki, bayanin aƙida kuwa na malamai ne, ta hanyar ijma'in da ke taruwa da tsawon zamani. A ganina wannan kwatancen ya fi na Halifa da Fafaroma nesa ba kusa ba, domin halifa bai taɓa samun irin ikon da majalisar Batikan ta 1870 ta tabbatar wa Fafaroma ba.

Sashe na uku, kalma 400, ki kawo abin da ke ƙalubalantar matsayarki da kanki, kafin mai duba takarda ya kawo miki. Tun 1520 Martin Luther ya buɗe ƙofar koyarwar cewa kowane mai bi firist ne, kuma yau a Legas coci-cocin Fentikos da yawa ikonsu daga kira da baiwar wanda ya kafa su yake. Cocin Redeemed, da Josiah Akindayomi ya kafa a 1952, ba ta jingina da silsilar bishop-bishop ba, duk da haka ta gina hawa-hawan fastoci. A ɗaya ɓangaren, Shi'a Imamiyya suna da marja'i, babban malamin da mabiyi ke yi wa taƙlidi, Daular Usmaniyya ta yi ofishin Shaihul Islam da malamai masu albashi, kuma muƙaddamin Tijjaniyya ba ya ba da wuridi sai da izinin na gaba da shi, abin da ya yi kusa da naɗi ƙwarai. Ki yi hattara da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci da ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN: wakilci suke yi a gaban gwamnati, ba su ne ke yanke aƙida ba.

Kalma 200 da suka rage na kammalawa ne. Ki maimaita matsayarki amma da iyakarta, wato ta fi dacewa da Katolika da Otodoks a gefe ɗaya da Ahlus Sunna a ɗaya gefen. Ki bayyana kowane ɓangare da kalmomin da mabiyansa za su amince da su, ki bar maganar wane tsari ya fi, ba ita aka tambaye ki ba. Idan kina da lokaci, ki je masallacin Juma'ar unguwarku da wata coci kusa, ki tambayi liman da fasto wa ya ɗora su a kujerar kuma wa ke da ikon sauke su, ki sa amsoshin a sashe na uku.