T-square a jadawalin haihuwata: shin shi ne ya hana ni zaman aure?

Tambaya: Malam, an haife ni a Kano ranar 3 ga Oktoba, 1989. Na sa ranar a manhajar duba taurari, ta fito min da wasu zane guda biyu, T-square da stellium. Wani mai duba ya ce T-square ɗin ne ya kashe aurena na farko, kuma kowane aure na yi haka zai ƙare sai an yi min aikin karya shi. Ya faɗi kuɗin aikin. Ga wani yana nema na yanzu, ko barci ba na iya yi. Daga wata 'yar'uwa a Gwale.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ba shi ko sisi. Bari mu buɗe jadawalin tare ki ga abin da ke ciki.

A ranar da aka haife ki, tauraron Mushtari yana kusan digiri 10 a burujin Saraɗan. Can gabansa, tazarar digiri 180, Zuhal yana kusan digiri 8 a Jadyu, Naftun na kusa da shi a wajen digiri 10. Rana tana kusan digiri 10 a Mizan, Mirrihu yana maƙale da ita a wajen digiri 9, dukansu biyu suna tazarar digiri 90 daga ɓangarorin nan da ke fuskantar juna. Manhajar ba ta yi kuskure ba, T-square ne, wato taurari masu fuskantar juna da wani a tsakiyarsu a siffar harafin T, kuma matsattse, domin yawancin masu lissafi suna yarda da saɓanin digiri 6 zuwa 8, naki kuwa bai kai uku ba.

Idan za a fassara shi, daga tsinin ake farawa, wato tauraron da ya tsaya tsakiyar masu jayayyar. A naki Rana ce da Mirrihu. Masu wannan fanni suna ɗaukar Mushtari a Saraɗan alamar yalwar hannu da son dangi da gida, Zuhal a Jadyu kuma alamar nauyi da ƙa'ida da tsoron gazawa. Sai su ce mai irin wannan zane yana jin ana jan sa gefe biyu, yana son ya kyautata wa kowa, yana kuma jin an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Mirrihu a Mizan ba ya burujin da yake da ƙarfi, don haka ake karanta shi da mutumin da ke haɗiye ɓacin rai don a zauna lafiya, har ranar da zai amayar da shi gaba ɗaya. Daga nan a dubi kusurwar da babu kowa, wadda ke fuskantar tsinin, a naki digiri 10 na Hamal. Nan ake cewa gyaran yake: faɗin abin da ke ranki kai tsaye tun yana ƙarami. Burujan nan huɗu duk na masu fara abu ne, shi ya sa ake danganta irin wannan T-square da yunƙuri da rashin zama wuri ɗaya. Iyakar fassarar ke nan. Magana ce a kan hali, babu saki a cikinta.

Stellium ɗinki kuwa, wato taruwar taurari uku ko fiye a buruji ɗaya, Zuhal ne da Yuranus da Naftun a Jadyu, kuma kusan duk wanda aka haifa a 1989 da 1990 yana da shi, saboda taurari ne masu nawar tafiya. Zuhal yana ɗaukar kusan shekara 29 da rabi kafin ya zagayo, Naftun kusan 165.

Nan ne nake son ki tsaya ki yi tunani, don wannan ruɗin kullum sai ya zo gabana. Mushtari da Zuhal da Naftun ba su yi wani motsin kirki ba a makon da aka haife ki, Rana kuma digiri ɗaya take ci a yini. Ma'ana duk jaririn da ya zo duniya a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoban 1989, a Fagge ne ko a Alƙahira ko a Sin, yana ɗauke da T-square ɗin nan naki. A cikinsu akwai wadda take ɗakin mijinta na fari har yau, akwai wadda ta fita, akwai wanda bai taɓa aure ba. Ta yaya zane guda zai zama dalilin mutuwar aurenki ke kaɗai? Wanda ya san lissafi ya san haka. Wanda ya gaya miki akasinsa, ko dai bai sani ba, ko ya sani ya ɓoye don kuɗin aiki ya fito.

Kuma ina tambaya, ya nemi lokacin haihuwarki? A wasiƙarki rana kawai kika ambata. Ko a cikin ƙa'idar fannin, maganar aure tana gida na bakwai ne cikin gidajen da ake kasa jadawalin, gidaje kuma ba sa fitowa sai da burujin da ke hudowa a gabas a daidai lokacin haihuwa. Wannan yana matsawa kusan digiri ɗaya duk minti huɗu, yana sauya buruji kusan duk awa biyu. Idan abin da Hajiya za ta iya tunawa shi ne "bayan la'asar", to tsakanin la'asar da magariba ma gidajen sun juya. Manhajoji da yawa idan ba a ba su lokaci ba sai su ɗauki sha biyun rana su zana. Watan sama ma yana cin kusan digiri 13 a yini, don haka duk zanen da Wata yake ciki ba abin dogaro ba ne sai da lokaci. Ban ma zo kan 'yan'uwanmu da aka rubuta wa 1 ga Janairu a takarda don ba a riƙe ranar ba, su ma suna zuwa a tsorace da jadawalin ranar da ba tasu ba.

Batun karya shi kuwa ya fi komai ɓata min rai. Jadawalin haihuwa hoton inda taurari suke ne a wani lokaci da ya wuce. Turare ko yanka ko laya ba za su matsar da Zuhal daga inda ya tsaya a 1989 ba. Kuma mutanen nan da baki biyu suke ci. Mai T-square a tsorata shi ya biya, mai grand trine a ce masa arziki na tafe ya biya a buɗe masa hanya. Alhali grand trine taurari uku ne a tazarar digiri 120 cikin burujai masu ɗabi'a ɗaya, wuta ko ƙasa ko iska ko ruwa, kuma masu fannin kansu suna gargaɗin cewa sauƙinsa kan jawo sakaci da lalaci.

Ki riƙe bambanci guda. Matsayin taurari lissafi ne, kowa zai iya bincikawa ya samu amsa ɗaya. Fassarar da ake ɗora masa al'ada ce da aka gada, gwajin kimiyya bai tabbatar da ita ba, malamanmu kuma sun yi hani mai tsanani ga neman sanin gobe ta hanyar taurari. Ƙarshen Suratu Luƙman ya faɗa ƙarara cewa babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, kuma hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Mutumin da ya ce miki kowane aure zai mutu ya bar fassarar hali, ya shiga da'awar gaibu, kuma da kuɗinki yake son ki saya.

Game da mai neman naki, ki sa waliyyanki su bincika halinsa da sana'arsa da yadda yake riƙe iyalinsa idan yana da su, ki yi istihara. Ki zauna da wata babba da kika amince da ita ku duba abin da ya faru a auren farko tsakani da Allah, wane ne ya yi me. Lambar mai dubar kuma ki toshe ta yau, don idan kin biya na farko zai dawo ya ce aikin bai kama ba sai an ƙara.