Haihuwa, rasuwa da riƙon maraya: me ya sa aka cinye mini hutun shekara?

Barista, shekarata huɗu ina aiki a kan inji a wani kamfanin robobi a Kano. Da matata ta haihu aka yi mata aiki, sai na buga wa shugaban sashenmu waya na ce zan ɗauki kwana 14 da na ji a rediyo gwamnati ta ba maza. Ya ce "Allah Ya raya", ni kuwa na zauna gida. Wata biyu bayan haka yayana ya rasu a garinmu, na tafi na yi kwana biyar na aiki, na dawo da jaririyarsa 'yar wata uku, saboda uwar ba ta da lafiya. Ƙarshen wata sai na ga an yanke mini naira 16,000 daga albashina na 88,000, aka kuma ce hutun shekarata na kwana 15 ya ƙare. Kundin ƙa'idojinmu ya ce hukumar kamfani za ta iya ba da har kwana uku idan makusanci ya rasu, bai ce komai a kan haihuwa ba. Ina so in kai su kotu, kuma ina neman wani kwana 14 na riƙon yarinyar.

Malam, Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ji ƙan yayanka, Ya ba mahaifiyar yarinya lafiya. Bisa abin da ka rubuto zan amsa, kuma tun farko zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba: kwana 14 ɗin da ka ji a rediyo ba naka ba ne.

Labarin gaskiya ne, amma rabinsa ka ji. A watan Satumba 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun haihuwa ga maza, a Nuwamba 2022 kuma ofishin Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ya fitar da takardar aiwatarwa. Kwana 14 ne na aiki, ba fiye da sau ɗaya a shekara biyu ba, kuma a kan 'ya'ya huɗu kawai, sannan sai mutum ya nema ya haɗa da takardar asibiti mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwar. Wannan ƙa'idar aikin gwamnati ce, gwamnati ta yi wa nata ma'aikatan. Ba doka ba ce da Majalisar Dokoki ta zartar a kan kowane mai ɗaukar aiki. Ko ma'aikacin jiha bai samu ta wannan takarda ba, sai in jiharsa ta yi tata, kamar yadda Legas ta ba maza kwana 10 tun 2014. Kai da ke kamfani mai zaman kansa, takardar ba ta taɓa ka ba ko kaɗan.

Abin da ya shafe ka shi ne Dokar Ƙwadago, tunda aikin inji kake yi, wato kana cikin masu aikin hannu da na akawu da dokar ke kira ma'aikata. Manajoji da ƙwararru galibi yarjejeniyarsu ce kawai ke riƙe da su. Sashe na 18 ya ce wanda ya yi wata 12 yana aiki a jere yana da hutu na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Naka 15 ne saboda takardar ɗaukarka aiki ta ƙara a kan haka, kuma tunda an rubuta, ya zama haƙƙi. Sashe na 54 ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin aikin. Uba kuwa dokar ba ta ambace shi ba. Ba ta ambaci hutun rasuwa ba, ba ta ambaci na ɗaukar riƙo ba.

A nan ne bambancin yake, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Hutun shekara guminka ne ke tara shi. Ba ka bukatar dalili, ba wanda zai tambaye ka me za ka yi da shi. Kamfani na iya tsara lokacin da za ka tafi, ana iya ɗage shi in kun yarda ku biyu muddin ba a wuce wata 24 ba, amma ba za a ba ka kuɗi a madadinsa ba alhali kana bakin aiki, in kuma ka bar aiki da saura, a ka'ida sai a lissafa maka. Sauran ukun kuwa, wato hutun haihuwa, na rasuwa da na riƙo, abin da ya faru ne ke haifar da su. Ba sa taruwa. In shekara ta wuce ba a haihu ba, ba a rasu ba, ba ka bin kowa bashin kwana ko ɗaya, kuma in lokacin ya wuce ba ka nema ba, yawanci ya wuce ke nan. Suna bukatar shaida, suna bukatar izini, kuma a kamfani tushensu ɗaya ne: abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki, ko kundin ƙa'idoji, ko yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da kamfani. Inda aka rubuta su, ƙari ne a kan hutun shekara, ba a cire su daga cikinsa. Inda ba a rubuta ba, rokon alfarma ne.

To mu yi lissafinka. Kwana 14 da kwana 5 sun zama 19. Sun ɗauki 15 daga hutun shekara, saura huɗu suka ƙi biya. Ga alama sun raba 88,000 gida 22, kwanakin aiki na wata, ya ba da 4,000 a rana, sau huɗu 16,000. Lissafin bai karkace ba. Ƙin biyan ranar da ba a yi aiki ba kuma ba a samu izini ba, da wuya kotu ta kira shi zalunci. Da a ce sun yanke fiye da kwanakin da sunan horo, da magana ta canza, domin sashe na 5 ya taƙaita cin tarar ma'aikaci daga albashinsa ƙwarai.

Inda nake ganin kana da abin riƙewa shi ne kwana ukun rasuwa. Amma ka sake karanta layin a hankali. "Za ta iya ba da" daban yake da "za ta ba da". Na farko zaɓi ya bar wa hukuma. Sai kalmar "makusanci". A wurinmu wa uba ne, ba mai tambayar ko makusanci ne. A takardun aiki kuwa sau da yawa ana lissafa su da suna. Ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, misali, har mako biyu take bayarwa, amma a kan mata ko miji, ɗa, iyaye da surukai. Idan kundinku bai lissafa ba, shirun nan zai iya yi maka amfani, musamman in an taɓa ba wani abokin aikinka a kan rasuwar ɗan'uwansa. Ka bincika wannan a hankali, ba da hayaniya ba. In aka amince da ukun, 19 ta koma 16, hutun shekara ya ɗauke 15, saura kwana ɗaya. Naira 12,000 ke nan za su dawo maka. Iyakar abin da nake hangowa ke nan, kuma ko shi ba na yi maka alkawari.

Ban wanke kamfanin ba. Shugaban sashe da aka ce masa za a yi kwana 14, ya amsa da addu'a ya kashe waya, bai kyauta ba. Minti ɗaya ya ishe shi ya ce, "Malam, mu ba mu da wannan hutun, zo ka cike fom na hutun shekara." Ofishin kula da ma'aikata ma ya ga kujerarka babu kowa kusan mako uku bai neme ka ba, sai da ka dawo daga zaman makoki ka tsinci hukunci a takardar albashi. Wannan sakaci ne, kuma ya kamata a faɗa musu. Sai dai "Allah Ya raya" ba izini ba ne a rubuce, kuma ko an ɗauke shi izinin tafiya, bai nuna an yarda a biya ka ba tare da taɓa hutun shekara ba. In kuna da saƙon waya a tsakaninku, kada ka goge.

Batun yarinyar kuma, amsar ba ta canza ba: kundinku bai tanada ba, doka ba ta tilasta ba. Ko ma'aikacin tarayya, wanda takardar 2022 ta ba shi kwana 14 in iyalinsa suka ɗauki jaririn da bai kai wata huɗu ba, sai ya kawo shaidar amincewar hukumar da abin ya shafa. Riƙo irin namu, dangi su zauna bayan sadakar uku a ce wane ka tafi da ita, ba ya zuwa da takarda. Na san kuma da yawanmu ba za su nemi ɗaukar ɗa irin wanda ake canza masa uba ba, tunda Musulunci ya yarda da riƙo amma ya hana jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba. Ba sai ka kai can ba. Takardar riƙo ko ta waliyyanci, ta hannun ofishin jin daɗin jama'a da kotu, da yardar mahaifiyarta, ba ta taɓa sunan uba. Ba za ta ba ka hutu a kamfaninku ba, amma ita za a tambaye ka ranar da ka nemi a sa yarinyar a inshorar lafiyarka ko a yi mata fasfo.

Kotu fa? Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma tana zama a Kano. Amma kuɗin lauya na zama ɗaya zai iya cinye 12,000 ɗin, shari'a kuma ba ta ƙarewa a wata ɗaya ko biyu. Ka tuna kuma da shekara huɗu a aiki, mafi ƙarancin notis na sallama da sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanada mako biyu ne, sai in takardarka ta ƙara. Kotun ta kan nemi mai sallama ya kawo dalili a wasu shari'o'in, amma kwana 14 na rashin zuwa ba takarda dalili ne da za su ɗauko cikin sauƙi. Ba na so ka miƙa musu shi da hannunka, ga jarirai biyu a gida.

Ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata wasiƙa mai shafi ɗaya, cikin ladabi, ba barazana. Ka amsa cewa ka fahimci sanarwar gwamnati ba daidai ba, ka faɗi ranar da ka kira shugaban sashe da abin da ya ce. Ka haɗa takardar sallamar matarka daga asibiti da shaidar rasuwar yayanka, ko da wasiƙar mai unguwa ce. Ka roƙi a mayar da kwana uku hutun rasuwa, ragowar kwana ɗayan a cire shi daga hutun baɗi maimakon albashi. Ka ajiye kwafi da sa hannun wanda ya karɓa. In akwai ƙungiya, ka shiga da wakilinta. In mako biyu suka wuce shiru, ka kai kwafin ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, jami'ansu kan gayyaci ɓangarori biyu a zauna a sasanta. Kafin nan kada ka sake kwana ko ɗaya a gida saboda rigakafin yara ko asibiti sai ka cike fom an sa maka hannu, ko da hutun ba albashi ne.