Ɗana ya faɗo daga dakali ya bugi kansa: sai an yi masa hoton ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Jiya da la'asar ɗana mai shekara 4 ya faɗo daga dakalin ƙofar gida, tsayinsa bai wuce ƙugun babba ba, ya bugi goshinsa a siminti. Nan take ya fasa kuka, goshin ya yi kulu. Bayan kamar awa ɗaya ya yi amai sau ɗaya, sannan ya yi barci. Yau ya sha kokonsa, amma yana cewa kansa na ciwo, kuma ba ya son wasa. Kakarsa ta yi faɗa don na bar shi ya yi barci, babansa kuma ya ce a je a yi siti sikan, wato hoton ƙwaƙwalwa. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya. Bisa abin da kika faɗa, abin da ya fi kama da matsalar yaronki shi ne girgizar ƙwaƙwalwa mara tsanani, kuma ban ga dalilin garzayawa hoto a daren jiya ba. Amma tunda an kwana yana kukan kai kuma bai dawo daidai ba, ki kai shi likita ya duba shi yau. Dubawar hannu da ido ita ce za ta yanke hukuncin hoton, ba fargabarmu ba.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da ƙarfi sai ta jijjiga a ciki, aikinta ya ɗan rikice na wani lokaci ba tare da wani abu ya fashe ko ya yage ba. Wannan ita ce girgizar ƙwaƙwalwa. Yaro yakan yi ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ya ƙi haske da hayaniya, ya yi ta ƙananan rigima, ya yi barci fiye da yadda ya saba, wani ma ya kasa tuna yadda aka yi ya faɗi. Ba sai ya suma ba. Yawancin yaran da suka samu girgizar ba su suma ko kaɗan. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, siti sikan ba ya nuna girgizar ƙwaƙwalwa. Za a iya yi wa yaronki hoton yau ya fito fes, alhali yana da ita. Abin da ake nema da hoton daban ne: jini da ya taru a cikin kai, ko kumburin ƙwaƙwalwa, ko karayar ƙashi da ta danna ciki.

Me ya sa ba ma yi wa kowa don hankali ya kwanta? Saboda na'urar tana aiki da haske irin na eksire, sai dai yawansa ya ninka na eksiren ƙirji sau da dama, jikin yaro kuma ya fi na babba jin tasirinsa. Haɗarin kamuwa da ciwon daji a gaba kaɗan ne ƙwarai, amma ba a ɗora wa yaro shi a banza. Ƙaramin yaro ma wani lokaci sai an ba shi maganin barci kafin ya tsaya cik. Ga kuɗi, ga tafiya, don a garuruwanmu da yawa sai an je babban asibiti a birni. A 2009 an wallafa wani babban bincike da aka yi a Amurka kan yara sama da 42,000 da suka bugi kai, kuma daga shi aka fitar da ƙa'idar da likitocin yara ke amfani da ita har yau. Ga yaro mai shekara 2 zuwa sama, abubuwa shida ake tambaya, kuma idan babu ko ɗaya, yiwuwar mummunan rauni bai kai yaro 1 cikin 2,000 ba.

Bari mu bi su da yaronki. Na farko, hankalinsa: yana gane ki, yana amsa magana daidai, ba ya maimaita tambaya ɗaya? Yaron da ya tashi ya sha kokonsa ya kuma iya cewa kansa na ciwo, da alama hankalinsa na nan. Na biyu, alamar karayar ƙashin gindin kai, wadda zan bayyana a ƙasa. Ba ki ambace ta ba. Waɗannan biyun su ne manya, idan aka ga ɗaya hoto ya wajaba. Sauran huɗun su ne suma, amai, ciwon kai mai tsanani, da muguwar faɗuwa. Kukan da ya fasa nan take ya nuna bai suma ba, shi ya sa nake jin daɗi idan uwa ta ce mini "ya tsala ihu". Muguwar faɗuwa a shekarunsa ita ce wadda ta wuce mita 1.5, kusan tsayin kafaɗar babban mutum, ko mota ta buge shi, ko ya faɗo daga babur yana gudu. Dakalinku bai kai nan ba. Saura amai ɗaya da ciwon kai. Wannan ya sa shi a tsakiya, inda kusan yaro 1 cikin 100 ne ake samu da rauni mai haɗari, kuma a nan abin da aka fi yi shi ne a sa masa ido na awa 4 zuwa 6 a asibiti, a ga inda ya dosa. Yaronki ya riga ya wuce waɗannan awannin yana ci yana sha, kuma aman bai dawo ba. Kulun goshi, duk girmansa, shi ne mafi sauƙi a cikin kulu, don ƙashin goshi mai kauri ne.

Inda ya dosa, shi ne abin da nake so ki riƙe. Girgiza tana sauƙi a hankali, ko ta tsaya yadda take na 'yan kwanaki. Jini a cikin kai kuwa gaba yake yi. Ba na manta wani yaro ɗan shekara 7 da aka kawo mana, ya faɗo daga bishiyar mangwaro da hantsi, ya bugi gefen kansa sama da kunne. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya tako gida da ƙafarsa, har ya ci abincin rana. Bayan azahar ya fara riƙe kai yana kuka, ya yi amai sau uku, da la'asar sai an girgiza shi yake buɗe ido ya sake lumshewa. Da na haska masa tocila, ɗigon baƙin idonsa na ɓangaren da ya bugu ya buɗe ya fi ɗayan girma, ba ya tsukewa. Ƙashin wurin nan siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashinsa. Idan ta tsinke, jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa, shi ya sa yaro ke samun awannin da ake ganin kamar ya warke. An yi masa aiki a daren, ya tashi. Da iyayensa sun ce a bari sai da safe, ban jin da labarin ya zama haka.

Don haka ko bayan likita ya sallame ku, ki koma asibiti da gaggawa, ko da tsakar dare ne, idan barcinsa ya yi nauyin da tashinsa ke wuya, ko ya rikice bai gane mutanen gida ba, ko ciwon kan yana ƙaruwa duk da magani, ko amai ya dawo yana maimaituwa. Mu a asibiti, amai uku daban-daban yana sa mu sake lissafi. Haka nan idan ya yi jijjiga, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta rasa ƙarfi, ko yana tangaɗi, ko maganarsa ta karye, ko ya ce yana ganin abu biyu-biyu. Karayar gindin kai kuwa tana nuna kanta da ruwa garai-garai ko jini daga kunne ko hanci, da baƙin kumburi kewaye da idanu biyu, ko tabon jini a bayan kunne, kuma waɗannan tabban na iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin su fito. Idan ruwa na fita daga kunne kada a toshe shi da auduga, kada a ɗiga komai. Idan kuma yana kukan wuya, a kwantar da shi a miƙe, kada a saɓa shi a kafaɗa.

Batun barci: ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa barci ba ya jawo zubar jini a kai, hana shi kuma ba ya tsayar da ita. Amma tsoronta yana da tushe, don barcin da ba a iya tashin yaro daga shi shi ne babbar alama. Abin yi shi ne a bar shi ya kwanta, a daren farko a duba shi sau ɗaya ko biyu. Ki taɓa shi, ki kira sunansa. Idan ya yi tsaki ya ture hannunki ya juya kamar kullum, lafiya lau.

A gida ki ba shi farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa 6 idan da buƙata. Yaro mai kilo 16 zai sha miligiram 240, wato mililita 10 na ruwan maganin da aka rubuta 120 cikin mililita 5. Kada ki ba shi asfirin, kuma ki guji maganin tari ko na mura mai sa barci, don zai ɓoye mana alamar da muke jira. Kulun kuma ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora na minti 10 zuwa 15. Murza shi da tafin hannu ko gasa shi da ruwan zafi ko shafa man zafi ƙara masa kumburi suke yi. Ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, a rage masa waya da talabijin, sannan ya koma makaranta da Islamiyya a hankali, ko da rabin yini ne da farko. Hawa katanga, keke, ƙwallo da kokawa da 'yan'uwa su jira sai ciwon kan ya tafi gaba ɗaya, don bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi yin illa. Yawancin yara suna warwarewa cikin mako 4, da yawa ma tun kafin nan. Idan zazzaɓi ya shigo, kada a ɗora wa faɗuwar. A gwada maleriya, don ita ma tana kawo amai da ciwon kai.

Duk wannan lissafin na masu shekara 2 zuwa sama ne. Idan kina da ƙaninsa a goye, ma'auninsa ya fi tsauri: faɗuwar da ta wuce santimita 90, kulu a gefen kai ko ƙeya, maɗiga da ta kumbura ta yi tauri, ƙin kama nono, ko kawai ke uwa kin ga ba haka yake ba, kowanne ya isa a kai shi a duba. Jaririn da bai kai wata 3 ba, da yaron da jininsa ba ya daskarewa da wuri, su kam ko yaya suka bugi kai a kai su asibiti a ranar.