Ciniki daban, kuɗin da ya shiga durowa daban

"Salam 'yan uwa, sati biyu kenan da na fara aikin kashiya, kullum in an zo rufe lissafi sai kuɗi ya ƙi daidaita, musamman ranar da wani ya biya rabi ko aka fasa saye. A ina nake kuskure?"

Wa'alaikissalam 'yar uwa. Na daɗe a kan kanta, kuma abin da ya fi wahalar da ni da farko shine na ɗauka ciniki da kuɗin da aka miƙo min abu ɗaya ne. Ba ɗaya bane.

Misali mutum ya yi odar kaya na 10,000 ya ba ki 6,000. Ki shigar da odar yadda take, kowane kaya da adadinsa, jimla 10,000, sannan a wajen biya ki rubuta 6,000 kawai, sauran 4,000 ya tsaya bashi da sunansa da lambar rasit. In kika danna kamar ya biya duka, da yamma durowa zata yi giɓin 4,000 kuma ke za a tuhuma. In kuma kika mayar da jimlar 6,000 don ta dace da abin da ke hannunki, to durowa zata daidaita ras amma bashin ya ɓace, babu wanda zai san ana binsa, wannan ma ya fi muni don ranar ba za a gane ba.

Ranar da ya kawo cikon kar ki buɗe sabon ciniki, nemo tsohon rasit ɗin ki ɗora 4,000 a kansa. Ni na taɓa buɗe sabo, ashe na'ura ta cire kayan sau biyu, sai da aka zo ƙirga kaya ƙarshen wata aka ga na kan shelf sun fi na lissafi yawa, kwana biyu muna bin rasitai ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar sokewa. Void na cinikin da aka shigar bisa kuskure ne ko aka fasa nan take kafin a rufe lissafin ranar, in an riga an rufe to Refund ne. Kuma kar ki taɓa yaga rasit, in na littafi ne ja layi biyu a kai ki rubuta dalili, manaja ya sa hannu, ki bar na asali da kwafinsa a ciki, domin lambobin a jere suke, in 0412 ta ɓata tsakanin 0411 da 0413 babu rantsuwar da zata wanke ki.

In mai 6,000 ɗin nan ne ya fasa, soke oda kaɗai bai isa ba, sai kin rubuta fitar kuɗinsa daban ya sa hannu ya karɓa, kuma ta hanyar da ya biya za a mayar. In da kati ya biya kar ki ɗebo masa tsaba daga durowa.