Rubuta kalmomin alluna daga hoton titi

Tambaya: Na ɗauki hoton wani titi a garin Marwa na ƙasar Kamaru, cike da allunan shaguna. Ɗan'uwana makaho yana so in rubuta masa abin da ke jiki da inda kowanne yake. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, fara da hagu zuwa dama, kuma ka gaya masa hagun mai ɗaukar hoton kake nufi, domin a nan ake yawan ruɗewa. Na kusa tukuna, sannan na nesa.

Kowane allo ka ɗaure shi da abin da ba ya motsi. Misali: a hagu, saman ƙofa shuɗiya, an rubuta PHARMACIE da koren fenti, gaba kaɗan, jikin falwaya, ƙyalle mai rawaya na cewa MTN MoMo. Kada ka ce kusa da ɗan acaba, gobe ba ya nan.

Ka kwafe rubutun yadda yake, ko da mai fentin ya yi kuskure, fassarar ta biyo baya. Allunanmu suna haɗa Faransanci da Fulatanci, wasu da haruffan Larabci da ake karantawa daga dama, to ka faɗi harshen kowanne. In rumfa ta rufe rabin kalma, QUINCAI kawai ya fito, rubuta haka, ka ce sauran ya ɓuya.