Ɗinki, burodi da aikin furinta: wane lissafin kuɗi ya dace da kowanne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni tela ne a Aboabo nan Kumasi, uwargidana tana gasa burodi, ƙanena kuma yana da injin buga takardu a Asafo. Yarona da ke makaranta ya ce akwai job kostin da furoses kostin, wai sai mun san wanda ya dace da mu. Don Allah a yi mini bayani, don ina aiki dare da rana amma ban ga kuɗin ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Maigida. Kar sunayen su tsorata ka, tambaya ɗaya ce ke raba su: abin da ke fita daga shagonka, kowanne na cin kaya da lokaci daban ne, ko kuwa duk iri ɗaya ne ba ka iya bambanta wannan da wancan? In kowanne daban ne, sai ka buɗe wa kowane aiki shafinsa, shi ne job kostin. In iri ɗaya ne, sai ka tara duk abin da ka kashe ka raba da yawan abin da ya fito, shi ne furoses kostin. Kai da ƙanenka na farkon ne naku, Hajiya kuma na biyun.

Bari in fara da kai tunda kai ne ka ce ba ka ganin kuɗi. Lambobin nan misali ne kawai, ka sa naka a wurinsu. Kowane ɗinki yana cin abu uku, kayan da suka shiga jikinsa, lokacin hannunka, sai kason sa na kuɗin shago, kuma wannan na ukun shi ne wanda teloli ke mantawa. A ce a wata kana biyan haya sidi 400, wuta 300, allura da man keke da gyara 100, kuɗin abincin yaran shago 400, ya zama 1,200. To ba za ka raba shi da awannin da shago ke buɗe ba, da awannin da ake ɗinki na gaskiya za ka raba, domin lokacin awo, zuwa kasuwar Kejetiya sayen zare, ranar da aka ɗauke wuta, duk ba wanda zai biya ka su kai tsaye. A ce awa 150 ke nan, kowace awa ta ɗinki tana ɗauke da sidi 8 na shago. Ka kuma yanka wa hannunka albashi, a ce sidi 20 a awa, don albashinka daban riba daban.

Kaftani mara aiki, kwastoma ya kawo yadinsa: zare da maɓalli da sauransu 25, awa 3 na hannu 60, kason shago 24, ya tsaya maka a 109. Babbar riga mai aiki kuwa, zaren aiki da shafi 120, awa 14 na hannu 280, kason shago 112, ya zama 512. Yanzu ka duba abin da zai faru in ka yi lissafin masu burodi a kansu, ka ɗinka kaftani 9 da babbar riga 1, ka tara 1,493 ka raba goma, kowanne ya faɗo kusan 149. Mai kaftani zai ga ka yi tsada ya koma wajen maƙwabcinka, mai babbar riga kuma zai ga ka yi araha ya kawo maka abokansa, kowace riga kana asarar fiye da sidi 360 kana murna wai kasuwa ta buɗe. Wallahi na sha ganin wannan gab da Sallah, shago cike da manyan ayyuka, yara ba barci, bayan Sallah kuɗin haya ya gagara. Alamar ita ce wannan, watan da ka fi shan wahala shi ne watan da aljihu ya fi bushewa. Maganinsa littafi ɗaya ne, kowane ɗinki shafi guda, sunan mai shi, abin da aka saya, ƙarfe nawa aka fara ƙarfe nawa aka tashi, kuma in an dawo da riga gyara a ƙara awannin a shafin nan dai.

Ita Hajiya ba ta da dalilin wahalar da kanta da wannan, ba wanda zai ce ga gas ɗin da wannan burodin ya ci shi kaɗai. Ta ɗauki buhun fulawa mai kilo 50 a matsayin ma'auni. Fulawa 600, suga da bota da yis da gishiri 250, kuɗin injin murza ƙullu 50, gas ko itace 120, masu aiki 130, leda da sauran ƙananan abu 50, jimla 1,200. An sa burodi 130 a tanda, kuma ta san kusan kullum guda 10 suna ƙonewa ko su lotse. To da 120 za ta raba, ba da 130 ba, kowanne ya tsaya a sidi 10, domin masu kyan su ne za su ɗauki nauyin waɗanda suka lalace na yau da kullum. Amma ranar da mai tanda ya yi barci guda 30 suka ƙara ƙonewa, kar ta raba da 90 ta ce burodi ya koma sidi 13 da wani abu. Ta bar shi a 10, ta rubuta 300 daban a matsayin asara, ta haka ne a ƙarshen wata za ta gane matsalar tanda ce ba tsadar fulawa ba. In tana yin manya da ƙanana daga ƙullu ɗaya sai ta bi nauyi, babban da ya ninka ƙarami ta ƙirga shi biyu. Burodin bota da na shayi kuma kar ta haɗa su lissafi ɗaya tunda kayan haɗinsu ba ɗaya ba ne. Ranar da aka ba ta kek ɗin biki, wannan kam shafi irin naka za ta buɗe masa.

Ƙanenka shi ne ke ruɗa mutane, saboda takardu dubu suna fitowa iri ɗaya sai a zaci lissafinsa irin na burodi ne. A'a, domin fostar siyasa da katin suna da kalandar makaranta kowanne aiki ne na mutum guda, kuma akwai kuɗin da ake kashewa tun kafin takarda ta farko mai kyau ta fito. A injin ofset, wato babban injin buga takardu, aiki mai cikakkiyar kala yana buƙatar farantin bugu huɗu, ɗaya na kowace tawada, a ce 240, zane a kwamfuta 150, saita inji da takardun da ke lalacewa kafin kala ta zauna 210, ya zama 600 ko guda nawa za a buga. In takarda da tawada da aikin kowace fosta sidi 1 ne, mai son 200 aikinsa ya ci 800, sidi 4 kowace, mai son 2,000 kuma 2,600, wato sidi 1 da pesuwa 30. In ya riƙe farashi ɗaya na kowace fosta, ƙananan ayyuka za su cinye shi, manyan kuma su wuce wajen wani. Sai dai in yana da injin fotokofi a gaban shago, nan kam ya tara takarda da tona da wuta na wata ya raba da shafukan da injin ya ƙirga.

Ku fara da rasit ɗin watan da ya wuce ku fitar da kuɗin shago, kai kuma ka rubuta awannin da kowanne cikin ɗinkuna goma na gaba ya ci, ka turo mini mu duba tare.