Maganin atishawa da tuƙi: amsa ga ɗan'uwa na Marwa

"Salamu alaikum. Duk hunturu atishawa da ƙaiƙayin ido suna damuna. Babur nake haya a Marwa, da dare ina karatu. Wane magani zan sha da ba zai sa ni barci ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi ciwonka nawa ne, ni ma ƙura ba ta bar ni ba, kuma mota nake ja tsakanin Garwa da Ngaundare.

Ka guji kulofeniramin in za ka hau babur, ƙaramar ƙwayar nan mai miligiram 4. Ita wani mai tebur a tasha ya ƙulla mini a leda, babu kwali babu takarda. Na ce masa direba ne ni, makullin mota ma yana hannuna, ya ce "sha kawai Alhaji, ba ta komai." Har yau in na tuna raina yana ɓaci. A hawan dutsen nan kafin Ngaundare, idona biyu, amma tirela ta ci birki a gabana ƙafata ta ƙi tashi da wuri. Sai ihun wata baiwar Allah mai goyo na ji a bayana. Allah ne ya tsare, na gangara gefe hannuna yana rawa. Mutum ya sayar maka da abin da zai kashe mota guda saboda 'yan kuɗin da ba su kai na shayi ba!

Abin tsoron shi ne ba lallai ka ji barci ba. Tsofaffin magungunan nan, ita da furometazin, suna shiga ƙwaƙwalwa, sai hankalinka ya yi nauyi kai kana ganin lafiyarka ƙalau. Ko da dare ka sha, nauyin yakan kwana ya bi ka har safiya. Karatu ma haka, ka bi shafi har ƙasa ba abin da ya zauna. Kuma ka duba garin maganin mura da ake damawa a ruwa, da yawansu akwai irin wannan a ciki. In aka haɗa da taramol kuwa, sai abin ya ninka.

Yanzu loratadin nake sha, miligiram 10, ƙwaya ɗaya a yini, a farmasi nake saya da kwalinta. Fekzofenadin ma da wuya ta sa barci, sai dai tsada, kuma da ruwa ake shanta ba da ruwan lemu ba. Setirizin ana cewa ba ta sa barci, amma 'yata da ke sakandare ta sha ta yi ta gyangyaɗi a aji, sai muka canza mata. Duk wadda ka saya, ka fara gwada ta ranar da ba ka fita aiki, kada ka ƙara ƙwaya don atishawa ta ƙi tsayawa. Ka ɗaura ƙyalle a hanci, ka wanke hancin da ruwan gishiri in ka dawo. In ƙirjinka ya fara shaƙewa ko numfashi yana fito, wannan ba aikin ƙwayar nan ba ne, ka je asibiti a duba ka ko asma ce.